Gaskiya a Gaban Bulala

Akwai wani lissafi da kowane yaro ya iya tun kafin a kai shi makaranta. Ya yi ɓarna, ba wanda ya gan shi. In ya faɗa, bulala ce. In ya yi shiru, ko kuwa ya ce ba shi ba ne, mai yiwuwa maganar ta shige kamar ba a yi ba. Mu manya mukan gaya masa ramin ƙarya ƙurarre ne, ƙarya kuma fure take ba ta 'ya'ya. Amma yaro yana da ido. Ya ga wansa ya yi ƙarya ya kwana lafiya, ya ga ƙanwarsa ta faɗi gaskiya ta kwana da kuka. Saboda haka tambayar da ke gabanmu, mu iyaye da masu koyarwa a Makarantar Lahadi, ita ce wannan: wane irin labari za mu ba yaro wanda zai nuna masa dalilin faɗin gaskiya, alhali mu da shi duka mun san hukunci yana jiransa?

Labarun da muka saba bayarwa iri biyu ne. Na fari na tsoratarwa ne. A ciki akwai na yaron nan makiyayi wanda ya riƙa kururuwar kura don wasa, har ran da kura ta zo da gaske ba wanda ya fito. Da yawa a cikinmu kuma haka muke ba da labarin Gehazi baran Elisha, wanda ya bi Na'aman ya karɓi talanti biyu na azurfa da riguna biyu, ya komo ya ce wa maigidansa bai je ko'ina ba, kuturta ta kama shi. Iri na biyu na lada ne, watau wanda mai gaskiya yake samun yabo nan take. Wanda ya fi suna a duniya shi ne na George Washington, shugaban Amirka na farko. Wai sa'ad da yake yaro ya sare wani itace na lambun ubansa da ɗan gatarinsa, da aka tambaye shi ya amsa laifinsa, uban kuwa ya rungume shi don murna. Abin dariya a nan shi ne labarin kansa ƙage ne. Wani mai wa'azi, Mason Locke Weems, shi ya fara buga shi a 1806, bayan Washington ya mutu, ba kuwa wata shaida cewa abin ya faru.

An taɓa gwada iri biyun nan a kan yara, kuma abin da aka samu ya isa a tsaya a kansa. A 2014 Kang Lee na Jami'ar Toronto da Victoria Talwar ta Jami'ar McGill, a ƙasar Kanada, tare da abokan aikinsu, suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi da yara 268 masu shekara 3 zuwa 7. Akan zaunar da yaro ya juya baya, a ajiye abin wasa mai kuka a bayansa, a ce ya faɗi sunansa da jin kukan kaɗai. Sai mai gwajin ya ce zai fita na minti ɗaya, kada yaron ya waiwaya. Akwai na'urar ɗaukar hoto a ɓoye, yawancin yaran kuwa sukan waiwaya. In mai gwajin ya komo sai ya karanta wa yaron labari guda, sa'an nan ya tambaye shi ko ya leƙa. A cikin waɗanda aka karanta wa labarin makiyayin nan, wajen kashi ɗaya cikin uku ne suka amsa laifinsu, daidai da waɗanda aka karanta wa labarin da bai shafi gaskiya ba ko kaɗan. Watau tsoratarwar ba ta ƙara kome ba. Amma a cikin waɗanda suka ji na Washington, wajen rabi suka amsa. Da aka juya labarin Washington ɗin aka mai da shi na azabar maƙaryaci, amfaninsa ya tafi.

Kada mu ɗora wa gwajin nan kayan da ya fi ƙarfinsa. Laifin ƙarami ne, ba bulala a ɗakin, kuma ko bayan labari mafi kyau rabin yaran sun ci gaba da musu. Duk da haka dalilin a fili yake ga mai tunani. Yaron da tsoro ya riga ya rufe masa baki, in ka ƙara masa tsoro ka ƙara masa sakata ne a ƙofa. Amma labarin Washington ma yana da nasa ciwon, gama ya kauce wa tambayarmu. Uban bai yi hukunci ba. Yaron da ya ji shi ran Lahadi, ya koma gida ya amsa laifi ran Litinin yana sa ran runguma, ya sha mari, zai ce malaminsa ya ruɗe shi, kuma ba za mu iya cewa ya yi kuskure ba.

To, ga labarin da muka shirya, wanda ba ya tsoratarwa, ba ya kuma alkawarin abin da ba mu da ikon bayarwa. Mun ajiye shi a unguwar Jiddari Polo cikin Maiduguri, gama tun daga 2014, shekarar da Gwoza da garuruwa da yawa na kudancin Barno suka faɗa hannun 'yan bindiga, gidajen birnin nan da dama suna riƙon 'ya'yan dangi waɗanda aka tashe su daga ƙauyukansu. Yaran wurin sun san irin gidan. Ba mu sa wa kowa suna ba, domin kada ya zo daidai da na wani yaro a aji, 'yan'uwansa su sa shi gaba.

Labarin Auta da Gwangwanin Mama

Akwai wani yaro a Jiddari Polo, ɗan shekara tara, ana ce masa Auta. Mamarsa tana tuyar ƙosai a ƙofar gida kowace safiya, ƙarƙashin wani dogon yaro. Kuɗin da ta samu takan zuba a gwangwanin madara, ta tura shi ƙarƙashin gado. Daga nan ake sayen waken gobe da mai da itace.

A gidan akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha biyu, 'yar wan Babansa ce. Iyayenta sun rasu, aka kawo ta daga ƙauye. Auta yana ce mata Yaya. Ita ce mai share ɗakin Mama.

Ran wata Asabar aka ce za a nuna babban wasa a gidan kallon ƙwallo. Duk abokan Auta za su. Ya leƙa ɗaki, ba kowa. Ya jawo gwangwani, ya zare takardar naira 500 guda ɗaya. Ya biya 200 a ƙofa, sauran 300 suka ci awara, suka sha ƙanƙara. Abokansa suka yi ta kiransa babban yaro.

Da dare Mama ta ƙirga kuɗi. Ta sāke ƙirgawa. Ta ce, "Maigida, ɗari biyar ba ta nan."

Baba ya tara yara a tsakar gida. Ya karyo tsumagiya a jikin dogon yaro, ya zage ganyenta, ya ajiye a gabansa. Ya ce, "Wa ya shiga ɗakin nan yau?"

Yaya ta ce, "Ni ce, Baba. Na yi shara."

"Kin taɓa gwangwani?"

"Na matsar da shi na share, amma ban buɗe ba."

Ba wanda ya tambayi Auta kome. Shi ma bai ce kome ba. Ya yi ta kallon yatsun ƙafarsa.

Baba ya ce, "Dare ya yi. Da safe kafin mu tafi sujada za mu gama maganar nan."

Auta ya kwanta a kan tabarmarsa, barci ya ƙi zuwa. Ya ji Mama tana magana a hankali a ɗaki. Tana cewa, "Ni ban taɓa ɓatan kuɗi a gidan nan ba sai bana. In haka za a yi, gara a mai da ita wurin kakarta a sansani." Ta bayan labule kuma ya ji Yaya tana kuka, ta toshe baki da zane kada a ji.

Ya ce a ransa, "Ai ban yi ƙarya ba, ba wanda ya tambaye ni." Ya juya. Ya tuna da tsumagiya. Ya juya kuma. Ya tuna ran da zazzaɓi ya kama shi a hanyar makaranta, Yaya ta goyo shi har gida cikin rana. Zakara ya yi cara bai runtsa ba.

Da gari ya waye ya tarar da Baba yana wanke fuska a bakin randa. Tsumagiya tana nan inda aka bar ta. Ƙafafun Auta suna rawa. Ya durƙusa, ya ce, "Baba, ni na ɗauka. Ba Yaya ba ce. Na je kallon ƙwallo."

Baba ya daɗe yana dubansa, ruwa yana ɗiga daga gemunsa. Sa'an nan ya ce, "Jiya kana zaune ana zargin yayarka, ka yi shiru?"

"I, Baba."

Baba ya ɗauki tsumagiya. Auta ya rufe ido. Can ya ji an jefa ta bisa rufin ɗaki. Baba ya ce, "Na karyo wannan domin wanda zan kama ne. Kai ban kama ka ba, ka kawo kanka. Amma kuɗin Mamarka sai ka biya, har da ƙari. Ɗari shida. Kowace ƙaramar jarka da ka ɗebo daga rijiyar burtsatse, naira ashirin da biyar ce. Biyu kowace rana. Ƙwallo kuwa, ko na ƙofar gida, babu, sai ka gama."

Sa'an nan ya kira dukan gida, ya sa Auta ya maimaita maganarsa a gaban kowa, ya roƙi Yaya gafara. Wannan ya fi masa tsumagiya zafi. Yaya ba ta ce kome ba. Mama ce ta sunkuyar da kai, ta tashi ta kama hannun Yaya, suka shiga ɗaki, suka daɗe.

Kwana goma sha biyu Auta yana jigilar ruwa. Abokan da suka ci awararsa suka riƙa yi masa dariya a hanya. Mama ta sayo kwado ta sa wa akwatinta, ta mai da gwangwani ciki, kuma Auta ya san don wa aka saya. Ran kwana na tara, yana tsaye a layi rana ta take, sai ya ga Yaya ta zo da tata jarkar. Ba ta yi masa magana ba, amma da suka cika ta ɗora masa tasa a ka, suka kama hanyar gida tare.

Nan labarin ya ƙare. Bari yanzu mu buɗe shi mu ga yadda aka ɗinka shi, domin mai koyarwa ya san abin da zai iya sākewa da abin da in ya taɓa labarin zai warware.

Abu na fari, kuma shi ne ginshiƙin duka: ba wanda zai kama Auta. Kuɗin ya shiga cikin abokansa, zargi ya riga ya sami inda zai sauka. Da mun sa wani maƙwabci ya gan shi a gidan kallo, da labarin ya koma na dabara, watau ka riga mai tona ka magana. Littafin Joshuwa sura 7 ya nuna mana irin wannan amsa laifi. Akan ya ɓoye riga da shekel 200 na azurfa da sandar zinariya a ƙasan alfarwarsa. Mutum wajen 36 suka mutu a Ai, yana nan shiru. Aka ware kabilarsa, yana shiru. Aka ware danginsa, aka ware gidansu, har aka zo kansa, sa'an nan ya buɗe baki. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, amma gaskiya ce wadda ba ta ceci kowa ba, gama an riga an binne waɗanda za ta ceta. Auta ya fi kama da yaron nan Sama'ila a 1 Sama'ila sura 3, wanda ya kwana da magana mai nauyi yana jin tsoron faɗa wa Eli, da safe kuwa ya faɗa duka bai rage kome ba. Ko da yake Sama'ila ba laifinsa yake ɓoyewa ba, daren nan na tsoro iri ɗaya ne, kuma yara sun san shi sarai.

Me ya sa muka kawo Yaya cikin labarin? Domin yaro ɗan shekara takwas ko tara ba ya ganin gaskiya a matsayin kalma, amma yana ganin mutum. Kuɗi ya ɓata a gida, lalle tunanin Mama zai sauka a kan wani. In bai sauka a kan mai laifi ba, zai sauka a kan wanda ba shi da mai tsaya masa, kuma a gidajenmu mun san ko wane ne wannan: ɗan riƙo, 'yar aiki, almajirin da ke wanke-wanke, yaron maƙwabta. A nan ne lissafin da muka fara da shi ya karye. Yaro yana tsammani zaɓinsa tsakanin hukunci da rashin hukunci ne. Amma hukuncin yana nan ko ya yi magana ko bai yi ba, abin da shirunsa yake yi kawai shi ne ya sauya wanda zai ɗauka. Tsumagiyar Auta ta kwana ɗaya ce. Abin da ke jiran Yaya kuwa rabuwa da gida ne, da sunan ɓarauniya wanda zai bi ta har wurin kakarta. In yaro ya ga wannan, ba sai an faɗa masa kome ba.

Wani zai ce, to, in ba Yaya fa? In ɓera za a zarga, ko a ce Mama ce ta yi kuskuren canji? Wannan tambaya ce ta gaske, kuma manyan yara sukan yi ta. Amsarmu ita ce ko a nan akwai mai biya. Mama za ta fara shakkar ƙirgarta, ko ta fara duban kowane ɗa nata da ido biyu ba ta san dalili ba. Auta kuma zai zauna a gida ɗaya da mutanen da suke ƙaunar wani yaro wanda ba shi ba ne, yana tsaron bakinsa kullum kada ya ambaci ƙwallon ran Asabar. Amma wannan amsa ta fi ƙarfin ƙananan yara, shi ya sa labarin ya fara da wadda ake gani da ido.

Mun kuma sa Auta bai furta ƙarya ko ɗaya ba. Da gangan ne. Yara da manya duka suna da wannan maɓoya, cewa ba a tambaye ni ba. Ku lura da tambayar da Baba ya fara yi da safe. Bai tambayi kuɗin ba, shirun ya tambaya.

Sai maganar ɗari shida, wadda ba daga kanmu muka ƙago ta ba. Shari'ar Musa ta bambanta ɓarayi biyu. A Fitowa sura 22, ɓarawon da aka kama da kayan a hannunsa ninki biyu yake biya, wanda kuwa ya yanka ko ya sayar da tunkiyar da ya sata ya biya huɗu, in sa ne biyar. Amma a Littafin Firistoci sura 6 da Littafin Ƙidaya sura 5, mutumin da ya cuci ɗan'uwansa, laifin ya dame shi, ya zo ya hurta, abin da aka ɗora masa shi ne ya mayar da kayan cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, ya kuma kawo hadayarsa. A lissafin gwangwanin Mama, da an kama Auta naira 1,000 ke nan, da ya kawo kansa kuwa 600. Abu biyu ke cikin wannan tsari, kuma dukansu muna bukatarsu. Hurta laifi bai share bashin ba, gama Mama tana bukatar kuɗin wakenta ko da wa ya ɗauka. Amma kuma ba a mai da mai hurtawa daidai da wanda aka kamo ba. Gidan da yake hukunta su biyun daidai wa daida ya sa wa gaskiya haraji, ya bar ƙarya kyauta.

A nan tilas maganar ta juyo kanmu, gama yaro yana jin labari minti goma a mako, amma yana karanta iyayensa kowace rana. A 2011 Talwar da Lee suka buga wani bincike da suka yi a makarantu biyu na wata ƙasa a Afirka ta Yamma, da yara masu shekara 3 da 4. A ɗaya makarantar duka ake yi a kan kowane ƙaramin laifi, a ɗayar kuwa tsawatawa ce da ware yaro gefe. Aka yi musu gwajin leƙen nan. A makarantun biyu yawancin yara sun leƙa, watau dukan bai hana laifin ba. Amma da aka tambaye su, a makarantar duka kusan dukan waɗanda suka leƙa suka yi musu, a ɗayar kuwa kaɗan fiye da rabi. Abin da ya fi ba da tsoro shi ne yaran makarantar duka sun fi iya riƙe ƙaryarsu in aka bi su da tambayoyi, irin gwanintar da akan gani wurin yaran da suka girme su. Makarantu biyu ba duniya ba ne, amma duk wanda ya yi renon yara zai gane hoton.

Akwai kuma wani tarko da ya zama ruwan dare a gidajenmu, har ba mu ganinsa zunubi. Uwa ta ce, "Faɗa mini gaskiya, ba zan dake ka ba." Yaro ya faɗa, ta kama shi da duka. A wannan rana mutum biyu ne suka yi laifi, amma ɗaya kaɗai aka hukunta, kuma shi ne wanda ya faɗi gaskiya. Sau ɗaya ya isa. Daga ranar yaron ya koyi cewa alkawari ƙugiya ce. Ana gane gidan da abin ya kai haka: in abu ya fashe, yara duka sukan ce ba su ba ne kafin a tambaye su, labarinsu yakan zo daidai kamar sun yi shawara, kuma ba wanda yake kawo ƙaramar ɓarna da kansa. Wanda bai tabbata zai iya riƙe hannunsa ba, kada ya yi alkawarin. Ya fi masa kyau ya ce, "Akwai hukunci, amma in daga bakinka na ji zai yi sauƙi," sa'an nan ya cika. Ku lura Baban Auta bai yi alkawarin kome ba da dare, kuma ya bar maganar ta kwana. Da ya yanke hukunci cikin fushin daren nan, da Yaya ce ta sha tsumagiyar.

Labarin yana da iyaka, kuma mai koyarwa ya san ta. Maganarsa a kan yaron da yake ɓoye laifin kansa ce. Kada a miƙe ta har ta zama doka cewa yaro ya faɗa wa kowane baƙo duk abin da ya sani. Mutanen Maiduguri sun ga kwanakin da amsa tambayar mai bindiga kan jawo mutuwar maƙwabci, kuma masanan Littafi Mai Tsarki sun daɗe suna muhawara a kan ungozoman nan biyu, Shifra da Fu'a, waɗanda suka ba Fir'auna amsar da ta kāre jariran Ibraniyawa a Fitowa sura 1. Wannan darasi ne na manya, na wata rana dabam. Abin da ya isa a gaya wa yaro shi ne akwai bambanci tsakanin rufe baki don ceton wani da rufe baki don wani ya ɗauki kayanka.

Sa'ad da kuke ba da labarin, ku tsaya a wurin da zakara ya yi cara. Ku tambayi yaran abin da Auta zai rasa in ya yi magana, su lissafa da kansu, kada ku rage musu ko ɗaya. Sa'an nan ku tambaye su abin da Yaya za ta rasa in bai yi ba. Kada ku tambayi kowa a gaban aji ko ya taɓa yin irin wannan, gama ko dai ku kunyata mai gaskiya, ko ku sa sauran su yi ƙarya a cikin ɗakin sujada.

A kusan kowane aji za a sami yaron da zai ce, "Malama, Babanmu ba zai jefar da tsumagiyar ba." Kada ku ce masa zai jefar, ba ku sani ba. Ku yarda da shi cewa mai yiwuwa ne ta sauka, kuma ko ta sauka Yaya ta kuɓuta. Sa'an nan ku nuna masa ƙofar da al'adarmu ta riga ta buɗe, watau kamun ƙafa. Yaron da yake tsoron fuskantar ubansa shi kaɗai yana iya zuwa wurin kakarsa, ko gwaggonsa, ko wani dattijon ikkilisiya, ya faɗa masa duka, su tafi tare. Gaskiyar ba ta ragu ba don an raka ta, kuma da wuya uba ya wuce gona da iri a gaban mahaifiyarsa. In kuwa kun ga yaron da ya yi tambayar yana da tabo a jiki, ko yana firgita in an ɗaga hannu kusa da shi, to, maganar ta wuce ta labari. Ku sallami aji, ku nemi fasto da shugabar zumuntar mata, a sami wanda uban yake jin nauyinsa, a je gidan cikin makon nan.